Shekara huɗu ina ganin jinin nan wanki ne kawai

Tun ina budurwa al'adata ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Na fara gani ina shekara goma sha ɗaya, ina aji shida na firamare, kuma tun daga lokacin kwana shida nake yi, kwana biyun farko da ciwon mara. Da na yi wa Inna ƙorafi sai ta ce haka gidanmu yake, ita ma haka ta yi, ƙanwarta ma haka. Ta koya mini naɗa ƙunzugu da tsohon zani, ta koya mini wanke shi da asuba a shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Abin da na ɗauka daga wannan tarbiyya shi ne, jinin mace abu ne da ake ɓoyewa a wanke, ba a ƙirga shi, ba a kai shi gaban kowa.

Na yi aure ina da ashirin da uku, na haifi 'yata ɗaya a shekara ta biyu, daga nan shiru. Ina koyarwa a wata firamare, kuma a nan ne na fara lura abin ya sauya, ina wajen shekara talatin. Kwana shida ya koma takwas, takwas ya koma goma. Audugar mata da nake sa wa da safe ta kai ni tashi daga makaranta, sai ga shi kafin a fita tara ta jiƙe. Na koma haɗa biyu, na ɗora zani a ciki, na daina sa atamfa mai haske. Kujerata ta aji na sa mata leda a ƙarƙashin matashi. Wata rana na miƙe zan yi rubutu a allo, na ji wani abu ya sulɓo, na koma na zauna, na ce wa yara su karanta shafi na gaba da kansu. A bayan gida na ga gudan jini kamar yankan hanta, ya kusa cika tafin hannuna.

Ko a ranar ban yi tunanin asibiti ba. Wurin malamar Islamiyyarmu na je, domin abin da ya dame ni shi ne sallah. Ta yi mini bayani yadda yake a mazhabarmu, cewa mai al'ada sananniya takan ƙara kwana uku a kan kwanakinta mafi tsawo, muddin ba ta haura sha biyar ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah. Sannan ta ce, "Amma Malama, sunansa fa jinin ciwo. Ki je a duba ki." Na riƙe rabin farko na maganarta, na bar rabin ƙarshe a bakin ƙofa.

Sai mara ta fara nauyi. Ba ciwo ba ne irin mai murɗa, nauyi ne, kamar an ajiye mini dutsen niƙa a ƙasan cibiya. Fitsari ya matsa mini, sau huɗu sau biyar nake tashi da dare, kuma in na je ɗan kaɗan ne. Bayan gida ya zama aiki. Idan na kwanta rigingine na shafa, ina jin abu mai tauri, ba ya motsi. Siket ɗina ya daina rufuwa. Mutane suka fara yi mini murmushi a gidan suna, surukata ta fara aiko mini da kunun gyaɗa. Da wata tara ya wuce ba labari, sai aka ce kwantaccen ciki ne, jinin da nake zubarwa shi ya hana shi tashi. Ba zan ɓoye ba, na so wannan magana. Mace mai 'ya ɗaya da shekara tara ba ta sake ba, in aka ce mata akwai ɗa a cikinta yana barci, ba ta neman wanda zai ƙaryata.

Na sha jiƙe-jiƙe na tayar da ciki. Da wata abokiyar aikina ta ce wannan ya fi kama da faibroid, wato ƙarin mahaifa, sai na koma na masu cewa suna narkar da shi a fitar ta fitsari ko ta bayan gida. Kuɗin adashena na zagaye biyu can suka tafi. Wani ya sa ni gudawa kwana uku, mai maganin ya ce ai shi ne yake fita. Duk wannan lokacin ina tauna ƙanƙara kamar gyaɗa, ina sayen farar ƙasa ina ɓoyewa a jaka, in na hau matakala uku sai na tsaya ina haki, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Na ɗauka gajiyar aiki ce. Ashe duk alamun ƙarancin jini ne, har kwaɗayin ƙanƙarar da ƙasar.

Abin da ya kai ni asibiti faɗuwa ce. Ina tsaye a taron safe na makaranta, rana ba ta ma yi zafi ba, na ga gari ya yi duhu. Na farka a ofishin shugabar makaranta ana yi mini fifita.

Likitar matan da ta gan ni ba ta fara da hoto ba. Ta ja fatar idona ta ƙasa, ta duba tafin hannuna, sannan ta yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini: kwana nawa, auduga nawa a yini, ina tashi da dare in canza, gudan jinin ya kai girman me. Ta ce duk macen da jininta ke wuce kwana bakwai, ko take jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko take haɗa biyu, ko take ɓata shimfiɗa, ko take fitar da manyan gudaje, wannan ya wuce al'ada, ko da uwarta da kakarta haka suka yi. Ni duka biyar ɗin ina da su. Ta kwantar da ni ta danna cikina, ta ce mahaifata ta kai cibiya, wato girman cikin sati ashirin. Haka suke auna ta, da satin ciki, ko da babu ciki. An yi gwajin fitsari, babu ciki, kwantacce ko tsayayye. An auna jinina, awon da suke kira fi-si-bi, ya nuna 21, alhali na mace lafiyayya yakan kama daga wajen 36 zuwa sama.

Kuka na yi a kan maganar cikin, ba a kan jinin ba. Ta bar ni na gama.

Bayan an yi hoton ciki ta ɗauki takarda ta zana mini mahaifa kamar tulu a kife. Ta ce bangon mahaifa tsoka ne, kuma faibroid, wanda ake ce wa ƙarin mahaifa, dunƙulen wannan tsokar ne da ke girma ya yi tauri. Ba daji ba ne, kuma abu ne mai wuyar gaske a buɗe a tarar da daji a wurin. Sinadaran da ƙwan mace ke fitarwa duk wata, istirojin da furojestaron, su ne abincinsa. Shi ya sa ba a ganinsa kafin balaga, yana girma a shekarun haihuwa, kuma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke. Tsoka ce mai jijiyoyinta a jikin mahaifa, ba ta da hanyar da za ta bi ta fita ta fitsari ko ta hanji, komai abin da mutum ya sha.

Na tambaye ta me na yi ya same ni. Ta ce ban yi komai ba. Ya fi yawa ga mata baƙar fata, yana zo mana da wuri, ya fi girma, ya fi yawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa kafin shekara hamsin, sama da kashi 80 cikin ɗari na mata baƙaƙe suna da shi, farare kuma kusan kashi 70. Yana bin dangi, ya fi samun wadda ta fara al'ada da wuri, da wadda ba ta haihu ba ko ta daɗe ba ta haihu ba, da mai ƙiba. Ina jin haka Inna ta faɗo mini a rai, da ƙanwarta da aka cire wa mahaifa tun muna yara, aka ce mana wai ƙaba ce. Likitar ta ƙara da cewa mafi yawan masu shi ba su ma san suna da shi ba, suna haihuwarsu, suna tsufa da shi lafiya lau.

Abin da ya fi tsaya mini a bayaninta shi ne cewa wurin da ƙarin ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Ta ɗiga alama uku a jikin tulun. Akwai mai tsirowa ta waje, wannan danna maƙwabta yake yi, mafitsara a gaba, hanji a baya. Akwai mai zama a tsakiyar bango. Akwai kuma mai turowa cikin ɗakin mahaifa, inda jinin al'ada ke fitowa kuma inda ciki ke kamawa. Nawa babban, santimita goma sha ɗaya, yana gaba ya hau kan mafitsara, shi ne mai tashina da dare. Amma wanda yake neman kashe ni ƙarami ne, santimita uku, bai fi ƙwallon goruba ba, ya leƙo cikin ɗakin. Shi ne mai jinin, kuma mai yiwuwa shi ya hana ciki zama. Sauran ƙanana suna warwatse a bango. Shekara huɗu ina shafa babban ina tsoronsa, ashe ɓarawon yana ciki.

Maigidana ya zo zama na biyu, kuma tambayarsa ɗaya ce: "Likita, dole sai an yanka?" Ta ce ba kowane faibroid ake yi wa aiki ba, kuma ba a yi wa hoto aiki, mace ake yi wa. Wanda ba ya damun mai shi, barinsa ake yi ana dubawa lokaci zuwa lokaci. Ana kawo maganar tiyata ne idan jini ya ƙi jin magani har yana ƙarar da mace, ko ƙarin yana danne mafitsara ko hanji ko hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda, ko ya ɓata ɗakin mahaifa ga mai neman haihuwa ko mai yawan ɓari, ko ana shakkar abin da yake, misali ya ci gaba da girma bayan al'ada ta ɗauke. Ta ce da ina da shekara arba'in da tara da sai mu lallaɓa da magani mu jira al'ada ta tafi da kanta. Ina da talatin da huɗu, jiran shekara goma sha biyar da jini 21 ba lallaɓawa ba ce.

Na tambayi magungunan, domin ni ma ba na son wuƙa. Ta lissafa mini su da iyakar kowanne. Akwai ƙwayar tiranekzamik da ake sha a kwanakin jini kawai, tana rage zuba amma ba ta taɓa ƙarin. Akwai robar da ake sa wa a mahaifa mai sakin sinadari, tana rage jini sosai, amma tana son ɗaki mai kyan siffa, nawa kuwa ya karkace, za ta iya faɗowa, ga shi kuma tana hana ɗaukar ciki. Akwai allurar wata-wata mai tsayar da al'ada ta motsar da ƙarin, amma ba a daɗewa a kanta saboda tana cin ƙashi, kuma da an daina yake komawa girmansa. Amfaninta shi ne a shirya mace kafin aiki. Aikin kuma iri biyu ne. Ko a cire ƙarin a bar mahaifa, ko a cire mahaifar gaba ɗaya. Na biyun shi ne mai raba gardama, ba ya dawowa, amma haihuwa ta ƙare. Na farkon yana barin ƙofa a buɗe, sai dai yana iya zubar da jini sosai a lokacin aiki, kuma sabo na iya tsirowa.

Na zaɓi a bar mini mahaifata. Ta ce to, amma ba za ta taɓa ni da wannan jinin ba. Wata uku aka yi ana gyara ni. Allura uku na karɓa, wata ɗaya ɗaya, masu tsada har sai da maigida ya sayar da ragon da yake turke. Al'ada ta tsaya bayan ta farko, sai zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska cikin sanyin hunturu, ina jiƙa matashi da gumi kamar tsohuwa. Ƙwayar ƙarin jini kuma ta mayar da bayan gidana baƙi, ta ɗaure mini ciki, an kuma hana ni haɗa ta da shayi domin yana hana jiki ɗaukarta. Amma a wata na biyu na lura na wuce mai ƙanƙara ban waiwaya ba. A ƙarshen na uku jinina ya kai 33, na hau benen asibitin ban tsaya ba.

Ranar da ta fi mini wuya ba ranar aikin ba ce, ranar sa hannu ce. A takardar an rubuta cewa idan jini ya ƙi tsayawa a lokacin aiki, za a cire mahaifar don a ceci raina. Likitar ta ce ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ba za ta shiga da ni ba sai na san da shi. Na riƙe biro na kasa. Surukata ta riga ta aiko cewa kada a yarda, wai duk wadda aka buɗe wa mahaifa ta gama. Na dubi maigida, ya ce, "Maman yarinya, jikinki ne. Ni dai ke nake so ki fito." Na ce a ba ni dare ɗaya. Na yi istihara, na kwana ina kallon 'yata tana barci da baki buɗe, da safe na sa hannu. Ƙannena biyu suka ba da jini leda biyu aka ajiye.

Allurar baya aka yi mini, rabin jikina ya mutu, ina jin maganarsu sama-sama. Daga baya ta gaya mini sun ɗaure ƙasan mahaifar da siririyar roba don su rage jinin da ke shiga yayin da suke aiki, dabarar da ake yawan yi a asibitocinmu. Ƙari tara suka ciro. Wata nas ta nuna mini su a kwanon silba kafin a kai ɗakin gwaji: farare, masu santsi, babban kamar ƙaramar kwakwa, ƙananan kamar gurjiya. Na daɗe ina kallon babban. Wannan ne aka yi ta aiko wa kunun gyaɗa.

An ƙara mini leda ɗaya. Washegari aka cire robar fitsari, aka tilasta mini tashi in taka, ina rungume da matashi a kan ɗinkin, ina jin kamar cikina zai zube. Kwana biyar na yi. A gadon kusa da ni akwai wata baiwar Allah mai shekara arba'in da shida da 'ya'ya bakwai, ita mahaifar aka cire mata aka bar ƙwayayenta. Ciwonmu ɗaya, aikinmu daban, kuma kowacce an yi mata daidai. Abin da ke damunta shi ne an ce mata za ta koma kamar namiji. Nas ta ce mata, "Hajiya, al'ada da haihuwa kawai suka tafi, sauran duk kina nan yadda kike." Ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi.

Sakamakon gwaji ya fito bayan sati uku, babu daji. Sati shida ban ɗauki bokiti ba. Likitar ta ce in yi tsarin iyali wata shida kafin in nemi ciki, kuma tunda an buɗe har cikin ɗakin mahaifa don a ciro ƙaramin nan, in Allah ya kawo rabo ba za a bar ni in yi naƙuda ba, aiki za a yi, saboda tabon na iya yagewa. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa allurar da ta taimake ni tana iya ɓoye 'yan ƙananan da ba za a gani a cire ba. Al'adata ta farko bayan aiki kwana biyar ta yi, auduga uku a yini. Na yi ta zuwa bayan gida ina dubawa, ban yarda ba. Dare na farko da na kwana har kiran assalatu ban tashi fitsari ba, sai da na tashi maigida na gaya masa.

Yayata ta je an duba ta saboda ni. An samu guda ɗaya santimita biyar ta waje, ba ya yi mata komai, jininta lafiya. Ta dawo a tsorace tana cewa a cire, likita ta ce ta tafi gida ta dawo bayan shekara. Har yau yana nan, ita ma tana nan.

Yanzu shekara huɗu da aikin. Ciki bai zo ba. Na yi kukan wannan na gama, ko in ce ina gamawa, domin wani watan yakan dawo. Hoton bara ya nuna sababbi guda biyu a bango, kowanne bai kai santimita biyu ba, ba su taɓa ɗakin ba. Da na ji gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an koma gidan jiya. Likitar ta tambaye ni kwana nawa nake yi, na ce biyar. Ina tashi da dare? A'a. Jinina 37. Ta rufe fayil ta ce to babu abin da za a taɓa.

A bayan littafin da nake rubuta darasi na ware shafi biyu, duk wata ina sa ranar farawa, ranar ɗaukewa, da adadin audugar kowane yini. 'Yata ta fara nata bana, na saya mata ƙaramin littafi na nuna mata yadda ake cikawa. Watan jiya ta kawo mini na duba, kwana biyar ne, na mayar mata. Ni kuma hotona na gaba bayan ƙaramar sallah ne.